Yadda Ake Mayar da Takardar Makin Aji ta Zama Samfuri a Excel, Sannan a Riƙa Fitar da Sababbin Fayil Daga Cikinta

A makarantu da yawa a nan Zariya, daga na cikin birni har na Tudun Wada da Sabon Gari, in sabon zango ya kama, malamin aji yakan buɗe fayil ɗin makin zangon da ya wuce, ya goge tsofaffin maki, ya fara cusa sababbi. In Allah Ya sa ya tuna ya sauya suna kafin ya adana, to an tsira. In kuwa hannunsa ya riga shi ya danna `Ctrl+S`, makin zangon farko ya tafi ke nan, sai ranar da ake haɗa sakamakon ƙarshen shekara a shiga neman abin da babu shi. Samfuri shi ne maganin wannan. Fayil ne da Excel ke ajiyewa da ƙarshen suna `.xltx` maimakon `.xlsx`, kuma duk lokacin da aka kira shi ta hanyar da ta dace, sabon fayil yake haifarwa, shi kuwa ya zauna yadda yake.

Adana samfurin bai fi aikin minti ɗaya ba. Inda aikin yake shi ne share fayil ɗin da gyara shi kafin a adana, don haka a can zan fi daɗewa.

Zan yi aiki da takardar maki ta aji biyu na ƙaramar sakandare, mai suna `JSS2A_Zango1.xlsx`. Tana da shafi biyu. A shafin `Maki`, layi na 1 zuwa na 4 na ɗauke da sunan makaranta, aji, darasi, zango da kwanan wata. Layi na 5 kanun bayani ne: A lamba, B sunan ɗalibi, C gwaji na farko mai maki 20, D gwaji na biyu mai maki 20, E jarrabawa mai maki 60, F jimilla, G daraja, H matsayi. Ɗalibai 48 ne, daga layi na 6 zuwa na 53, sai matsakaicin aji a layi na 55. Shafi na biyu, `Daraja`, ɗan tebur ne daga `A2` zuwa `B7` da ke cewa daga 0 F ne, daga 40 E, daga 45 D, daga 50 C, daga 60 B, daga 70 A.

Fara da kwafi

Kada ka taɓa ainihin fayil ɗin zangon da ya wuce. Buɗe shi, danna `F12`, ka adana shi da wani suna kamar `Aikin_Samfuri.xlsx`. Duba saman tagar Excel ka tabbatar sabon sunan ne a rubuce. Duk gogewar da za ka yi daga nan, a kan kwafin take.

Ƙara wa jerin fili tun maki na ciki

Ajin da za a ba wannan samfurin ba lallai ya zama mutum 48 ba, wani ajin 55 ne. Saboda haka za mu mayar da jerin ya ɗauki mutum 60, wato ƙarin layi 12. Inda ake saka layukan yana da muhimmanci. In ka saka su a ƙasan layi na 53, fomular matsayi da ke duba `$F$6:$F$53` za ta iya tsayawa a 53, ta bar ɗaliban ƙasa a waje ba tare da ta yi ƙorafi ba. Saka su a cikin jerin: ja linzami a kan lambobin layi daga 41 zuwa 52, danna maɓallin dama, ka zaɓi `Insert`. Layi 12 za su buɗe a tsakiya, ƙarshen jerin ya koma layi na 65, matsakaici ya sauka layi na 67, fomulolin kuma su miƙe da kansu zuwa `$F$6:$F$65`. Danna `H6` ka gani da idonka. Sai ka sake jera lambobin A daga 1 zuwa 60.

Nemo lambar da aka rubuta da hannu a kan fomula

Wannan mataki ne da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi ɓata samfuri. Fayil ɗin da ya yi zango guda a hannun malamai da wuya ka same shi yadda aka gina shi. Wani yaro ya kawo ƙorafi, an duba takardarsa an ga an rage masa maki 5, malami yana sauri sai ya je gurbin jimilla kai tsaye ya rubuta 68 a kan fomular. A ido ba ka ganin bambanci. Amma in wannan gurbin ya shiga samfuri, duk yaron da sunansa ya faɗo a wannan layin, a kowane aji, a kowane zango, 68 zai samu ko da bai zauna jarrabawa ba.

Zaɓi `F6:H65`. Danna `F5`, sai `Special`, ka zaɓi `Constants`, ka danna `OK`. Excel zai haskaka duk gurbin da ke ɗauke da abin da aka rubuta da hannu a cikin wannan yankin. In ya fito da saƙon `No cells were found`, yankin lafiya lau yake. In ya haskaka wani gurbi, ka kama ɓarnar, kuma wani mataki a gaba zai rufe ta. Ka lura dai sai ka zaɓi yankin tukuna. In gurbi ɗaya tak ka tsaya a kai, Excel zai bincike shafin gaba ɗaya, ya haɗa har da kanun bayani da sunan makaranta.

Ina ba da shawarar ka rubuta lambar layin da ka kama a takarda, domin wannan kuskuren yana nan a ainihin fayil ɗin zangon da ya wuce, kuma jami'in jarrabawa na makaranta zai so ya sani.

Goge abin da ke sauyawa, ka bar abin da ke zama

Tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowane gurbi: wannan abu zai zama daidai a kowane aji da kowane zango? Sunan makaranta zai zauna. Teburin daraja zai zauna, duk da lambobi ne da aka rubuta da hannu. Aji, darasi, zango, sunan malami da kwanan wata za su tafi. Maki za su tafi. Sunayen ɗalibai ma su tafi, in samfurin na makaranta duka ne. Malamin da ke son samfurin ajinsa kaɗai na shekara guda zai iya barin sunayen, amma ya san cewa duk wanda ya tura wa fayil ɗin ya tura masa sunayen yaran mutane.

Zaɓi `B6:E65` ka danna `Delete` na kibod. Shi abin da ke cikin gurbi kawai yake cirewa, ya bar launi, zanen gefe da ƙa'idar shigar da lamba. Kada ka yi amfani da `Clear All`, domin yana kwashe su duka, kuma kada ka goge layukan ɗungurum, domin fomulolin da suka dogara da su za su koma `#REF!`.

Yanzu dubi abin da fomuloli ke yi da babu komai

Da maki suka tafi, takardar za ta nuna halinta. Jimilla, in `=SUM(C6:E6)` ce, za ta cika da sifili. Daraja za ta ba kowa F. Matsayi zai ba kowa na 1, tunda duk sun yi kunnen doki a sifili. Matsakaicin gwaji da na jarrabawa a layi na 67 za su nuna `#DIV/0!`, domin babu lambar da za a raba.

Kurakuran da ke da alama a fili ba su ne abin tsoro ba. Sifilin nan ne. Ɗauka an cika ɗalibai 48, jimillar makinsu 2,880, ainihin matsakaicin aji 60 ke nan. Amma layi 12 na ƙasa da babu kowa suna ɗauke da sifili, kuma Excel yana ƙirga sifili a matsayin lamba. Zai raba 2,880 gida 60, ya ba ka 48. Ajin da ya ci B ya koma D a takarda, babu jan rubutu, babu gargaɗi, sai malamin darasi ya sha tambaya a ofishin shugaban makaranta kan laifin da bai yi ba.

Gyaran shi ne a koya wa kowace fomula ta yi shiru in layinta babu maki. Rubuta waɗannan a `F6`, `G6` da `H6` bi da bi:

```
=IF(COUNT(C6:E6)=0,"",SUM(C6:E6))
=IF(F6="","",VLOOKUP(F6,Daraja!$A$2:$B$7,2,TRUE))
=IF(F6="","",RANK(F6,$F$6:$F$65))
```

Ta farko tana cewa: in babu lamba ko ɗaya a gurabun maki uku, bar gurbin fayau, in akwai, haɗa su. Sauran biyun suna bin bayanta. Zaɓi `F6:H65` ka danna `Ctrl+D`, fomulolin layi na 6 su sauka har ƙasa. Wannan zai cike sababbin layukan da ka ƙara, ya kuma rufe duk lambar hannu da ka kama ɗazu. A `F67` rubuta wannan, sannan ka kwafe ta zuwa `C67`, `D67` da `E67`:

```
=IF(COUNT(F6:F65)=0,"",AVERAGE(F6:F65))
```

Wasu kan lulluɓe komai da `IFERROR` su huta. Ni ban so hakan a takardar maki, domin `IFERROR` tana ɓoye kowane irin kuskure, har da wanda ya kamata ka gani, kamar a ce wani ya lalata teburin daraja.

Sai kwanan wata. In akwai `=TODAY()` a kan takardar, cire ta. Kwananta yana sauyawa duk ranar da aka buɗe fayil, don haka takardar da aka kammala a Disamba za ta nuna Afrilu in aka sake buga ta a Afrilu. Bar gurbin babu komai, ka rubuta a gefensa cewa a danna `Ctrl+;`, wanda ke saka kwanan ranar ya tsaya cak.

Kare gurabu

Tunda malamai da yawa za su yi aiki da shi, zaɓi `C6:D65`, je `Data`, sai `Data Validation`, a `Allow` ka zaɓi `Decimal`, ka sa `Minimum` 0 da `Maximum` 20. Yi wa `E6:E65` haka da 0 da 60. Wanda ya rubuta 81 a maimakon 18, Excel zai ƙi karɓa. Iyakar wannan kariya ita ce ba ta tare abin da aka kwafo daga wani wuri aka liƙa.

Sannan zaɓi duk gurabun da malami zai cika, wato `B6:E65` da na aji, darasi, zango da kwanan wata. Danna `Ctrl+1`, je `Protection`, cire alamar da ke kan `Locked`. Bayan ka gama ƙananan abubuwan da ke sakin layi na gaba, je `Review`, ka danna `Protect Sheet`. Yanzu babu mai sake rubuta 68 a kan jimilla. Kalmar sirri ba dole ba ce, kuma in ka sa, ka tabbatar mutum biyu sun san ta. Kulle shafin `Daraja` shi ma.

Kafin ka kulle, ka gama da sauran ƙananan abubuwa, domin duk suna bin samfuri. A `Page Layout` sa `Size` ya zama `A4`, a `Print Titles` ka sa layi na 5 ya riƙa maimaituwa a kan kowace takarda. Danna maɓallin dama a kan sunan shafi a ƙasa, in `Unhide` yana dannuwa, akwai ɓoyayyen shafi, buɗe ka ga abin da ke ciki. A `Data`, in `Edit Links` ko `Workbook Links` ya nuna wani fayil, to wata fomula tana jan lamba daga wani wuri a kwamfutarka, kuma ba za ta same shi a kwamfutar wani ba. Daga ƙarshe ka tsaya a shafin `Maki`, a kan gurbin farko da za a cika, domin inda ka bar alamar nan ne kowane sabon fayil zai buɗe.

Adana shi a matsayin samfuri

Danna `F12`. A akwatin `Save as type` zaɓi `Excel Template (*.xltx)`. Da ka zaɓa, dubi saman tagar: Excel ya sauya folda da kansa. Daga Excel 2013 zuwa sama, yakan kai ka nan:

```
C:\Users\SunanKa\Documents\Custom Office Templates
```

Mutane da yawa ba sa lura da wannan tsallen. Sun zaɓi foldar makaranta tun farko, sun adana, sun koma can ba su ga komai ba, sai su ɗauka bai adanu ba. Bar shi a inda Excel ya kai ka. In kuwa da gangan kake son ajiye shi a filashi, fara zaɓar nau'in fayil, sannan ka koma ka zaɓi folda.

A `File name` rubuta sunan da babu aji, babu zango, babu shekara, kamar `Takardar_Maki`. Danna `Save`.

In fayil ɗinka na da makiro, wato jerin umarni da aka ajiye don Excel ya riƙa yin wani aiki da kansa, Excel zai yi gargaɗi cewa `.xltx` ba ya ɗaukar su. Danna `No`, ka koma ka zaɓi `Excel Macro-Enabled Template (*.xltm)`. Fayil ɗin da za su fito daga irin wannan samfurin kuma sai an adana su a matsayin `.xlsm`, in ba haka ba makiron ya zube a hanya.

Yanzu rufe fayil ɗin nan take. Abin da ke buɗe a gabanka a wannan lokacin samfurin ne da kansa, kuma duk makin da ka rubuta ka adana, cikinsa za su shiga.

Fitar da sabon fayil

Buɗe Excel, je `File`, sai `New`, ka danna `Personal`. Za ka ga `Takardar_Maki`. Danna shi. A Excel 2010, wanda har yanzu ake samu a kwamfutocin makarantu da shagunan buga takardu na Kongo da Samaru, hanyar ita ce `File`, `New`, `My templates`, kuma foldarsa daban ce, tana cikin `AppData\Roaming\Microsoft\Templates`.

In ba ka ga `Personal` ba, Excel bai san inda samfuranka suke ba ne. Buɗe foldar `Custom Office Templates` a `File Explorer`, danna layin adireshi na sama, ka kwafi abin da ke wurin. A Excel je `File`, `Options`, `Save`, ka liƙa shi a akwatin `Default personal templates location`, ka danna `OK`. Kwafowa ya fi rubutawa da ka, domin a wasu kwamfutocin foldar `Documents` tana cikin `OneDrive`, adireshin ya sha bamban. Rufe Excel ka sake buɗewa.

Hanya ta biyu ita ce ka je inda fayil ɗin `.xltx` yake a `File Explorer` ka danna shi sau biyu. Ita ma sabon fayil take haifarwa, ko a filashi samfurin yake.

Hanyar da ba ta haifar da sabo ita ce `File`, `Open`, har da jerin `Recent` da ke ƙarƙashinsa. Wannan samfurin take buɗewa da kansa. Alama biyu ke nuna maka inda kake. Ta farko sunan da ke saman taga: sabon fayil yana zuwa da lamba a wutsiya, `Takardar_Maki1`, na gaba `Takardar_Maki2`, samfurin kuwa babu lamba. Ta biyu `Ctrl+S`: sabon fayil zai tambaye ka suna da wurin ajiya, samfurin kuwa zai adana shiru. Duk ranar da ka fara sabuwar takarda, ka danna `Ctrl+S` ba a tambaye ka komai ba, tsaya ka dubi sunan. In samfurin ne, danna `F12` ka adana aikinka a matsayin `Excel Workbook (*.xlsx)` da sunan ajin, sannan ka koma ka share makin da suka shiga samfurin.

Da sabon fayil ya buɗe, adana shi kafin ka rubuta sunan ɗalibi ko ɗaya. Har sai ka ba shi suna, ba shi da gida a kwamfuta, kuma ɗauke wuta ba ta sallama. Ba shi suna irin `JSS2A_Lissafi_Zango2`, nau'insa `.xlsx`, a foldar wannan zangon.

Gwada shi da lambobin da ka san amsarsu

Kada ka raba wa malamai sai ka gwada. Fitar da sabon fayil, ka cika layi uku kawai. Layi na 6: 15, 18, 40, jimilla ta zama 73, daraja A, matsayi na 1. Layi na 7: 10, 10, 20, jimilla 40, daraja E, na zaɓi wannan ne domin yana kan iyaka daidai. Na uku ka sa shi can a layi na 65: 12, 14, 29, jimilla 55, daraja C. Yanzu matsayi ya zama 1, 3, 2, matsakaicin jimilla kuma 56, tunda 73 da 40 da 55 sun ba da 168, a raba uku. In ka ga 56.5, fomular matsakaici ba ta kai layi na 65 ba. In ka ga 2.8, sifilin layukan da babu kowa na nan. Gwada rubuta 25 a gurbin gwaji ka ga ko zai ƙi, gwada rubutu a kan jimilla, sannan ka duba `Ctrl+P` ka ga yadda zai fito a takarda. Rufe ba tare da adanawa ba.

Gyara samfurin, da kai shi wata kwamfuta

In makaranta ta sauya tsari, a ce gwaji ya koma maki 30 jarrabawa 70, a nan ne `File`, `Open` ke da amfani. Buɗe `Takardar_Maki.xltx` ta nan, cire kulle da `Unprotect Sheet`, yi gyaran, mayar da kulle, danna `Ctrl+S`, ka rufe.

Sai dai samfuri kamar ƙarfen buga bulo yake: in ka gyara ƙarfen yau, bulon da aka buga jiya yana nan da siffarsa. Fayil ɗin da ya riga ya fito ba shi da sauran alaƙa da samfurin. In a tsakiyar zango ka gano kuskure a teburin daraja, gyaran samfurin ba zai taɓa takardun da malamai suka riga suka fara cikawa ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa nake rubuta lambar bugu da wata a wani gurbi a ƙasan shafin, kamar "Bugu na 2, Janairu". In malama ta kawo takardarta, kallo ɗaya zai nuna daga wane bugu ta fito.

Samfurin yana zaune ne a kwamfutar da aka adana shi, ƙarƙashin sunan mai shiga da ya adana. Don kai shi kwamfutar ofishin jarrabawa ko ta wani malami, kwafi fayil ɗin `.xltx` a filashi, ka saka shi a foldar `Custom Office Templates` ta can, in babu foldar ka ƙirƙire ta, ka nuna wa Excel ita ta `Options` kamar yadda aka yi a sama. In tsohon bugu na nan a foldar, goge shi, kada biyu su zauna tare. A kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa, danna maɓallin dama a kan fayil ɗin, zaɓi `Properties`, ka sa alama a `Read-only`. Sababbin fayil za su ci gaba da fitowa kamar kullum, amma wanda ya buɗe samfurin da kansa ya cika maki, Excel ba zai bar shi ya adana a kai ba, zai nemi ya ba da wani suna. Ranar da kai za ka yi gyara, sai ka cire alamar tukuna, ka mayar da ita bayan ka gama.